Yadda Ake Mayar da Girkin Turanci Zuwa Hausa: Awo, Musayar Kayan Haɗi, da Misalin Burodin Masarar Amurka

Fassarar girki ba ta cika ba sai matar da ba ta taɓa ganin rubutun asali ba ta ɗauki takardar Hausa, ta shiga madafarta da kayan da kasuwar garinsu ke sayarwa, ta fito da abin da mai girkin farko ya yi nufi. Ana iya fassara kowace kalma daidai amma girkin ya lalace, domin kofin da aka ce ba shi ne kofin da ke gidanta ba, kuma abin da aka musanya bai yi aikin da na asali yake yi a cikin kwaɓi ba. Saboda haka za mu ɗauki girki guda mu bi shi layi-layi: burodin masara irin na Amurka. Na zaɓe shi ne don masara da nono abincinmu ne, ga shi kuma kusan duk tarkon da mai fassara ke faɗawa yana cikinsa.

Ga irin jerin kayan da za ki gani a rubutun Turanci:

```
1 cup cornmeal
1 cup all-purpose flour
1/4 cup sugar
2 tsp baking powder
1/2 tsp baking soda
1 tsp kosher salt
1 cup buttermilk
2 large eggs
1/2 stick butter, melted
1 tbsp bacon drippings
400°F, 8-inch square pan, 20-25 min
```

## Da farko, gano ƙasar da girkin ya fito

Kafin ki fassara ko kalma ɗaya, ki karanta girkin daga sama har ƙasa, ki tambayi kanki a ina aka rubuta shi. Awo yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Kofin Amurka mililita 237 ne, ana cike shi zuwa 240 don sauƙin lissafi. Kofin Ostareliya mililita 250 ne, kuma babban cokalinsu mililita 20 ne, alhali na Amurka da Birtaniya 15 ne. Wannan girki namu ya nuna asalinsa da kansa: zafin a ma'aunin °F yake, botar kuma da `stick` aka auna ta, wanda Amurkawa ne ke sayar da bota a haka. To duk lissafinmu da awon Amurka za mu yi shi.

A wannan karatun farko ne kuma za ki gane wane irin abinci ne. Idan kika rubuta "burodin masara" kika tsaya nan, mai karatu za ta ɗauka akwai yis, akwai murzawa, akwai rufe kwaɓi a jira ya tashi. Babu ko ɗaya daga cikinsu. Ƙullu ne mai kauri da ake haɗawa cikin minti kaɗan a gasa nan take, ya fi kusa da kek marar zaƙi sosai, kuma can ana cinsa ne da wake ko miyar nama. Wannan bayanin ya kamata ya zo a layi biyu ƙarƙashin sunan girkin, tun kafin jerin kaya.

## Awo: kofi, gwangwani da cokali

A gidajenmu "kofi" yana iya zama ƙaramin kofin shayi, yana iya zama kofin roba na shan ruwa da ya ɗauki rabin lita. Mudu da tiya kuwa kowace kasuwa da nata girman, kuma sun yi wa girki irin wannan yawa. Abin da ya fi zama ɗaya a ko'ina shi ne ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda masu awo ke sayar da shinkafa da sukari da shi. Idan aka yanke murfinsa aka cika shi har baki, yana ɗaukar kimanin mililita 170. Ke nan gwangwani ɗaya da rabi ya kai wajen mililita 255, ya ɗan ɗara kofin Amurka kaɗan. Wannan ɗan ƙarin ba ya cutarwa a nan, domin masarar da fulawar da nonon duk da shi za a auna su, daidaiton da ke tsakaninsu bai motsa ba.

Kada ki dogara da lissafina kawai, domin kamfanoni sukan rage girman gwangwani. Ki gwada naki: ki ɗauki ledar ruwa ɗaya ko gorar da aka rubuta wa 50cl, wato mililita 500, ki riƙa zubawa a gwangwanin kina ƙirgawa. Idan ya cika sau biyu, na uku kuma ya kusa cika, gwangwaninki shi ne wanda muke magana a kai. Da wannan ruwan kuma za ki iya samun kofin awo na dindindin: rabin ledar ruwa mililita 250 ne, duk kofin da rabin leda ta cika shi daidai baki, ki ware shi ki yi masa alama.

Duk da haka, a fassara ki ba da awo biyu a jere, giram da gwangwani. Masu yin kek na sayarwa da yawa suna da sikeli, kuma sikeli ya fi gaskiya. Sai dai a nan akwai kuskuren da ya fi kowanne yawa: ɗaukar kofi a matsayin nauyi guda ga komai. Kofi awon cika ne, ba na nauyi ba. Kofin ruwa ko nono kimanin giram 240 ne, kofin sukari giram 200, kofin garin masara wajen giram 150, kofin fulawa kuwa giram 120 zuwa 125 kacal. Wanda ya rubuta giram 240 na fulawa don ya ga kofi mililita 240 ne ya ninka fulawar sau biyu, abin da zai fito kuma wuƙa ma sai ta yi da gaske.

Yadda ake cika ma'aunin ma sai an faɗa. Mu mun saba da awon kasuwa, inda ake tozo a saman mudu. Girkin Turanci a shafe yake nufi. A zuba fulawa a gwangwani da cokali ba tare da an danna ko an girgiza ba, sannan a bi bakin da bayan wuƙa a share tozon. Idan aka cusa gwangwanin cikin buhu aka ɗebo, fulawar takan dannu har ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Don haka kalmar "a shafe" ta bi kowane awo a fassararki.

Sai cokali. `tsp` ƙaramin cokali ne, mililita 5. `tbsp` babban cokali ne, mililita 15, wato ƙanana uku. Wasu marubutan sukan taƙaita su zuwa `t` da `T`, harafi ɗaya ne ya raba su, kuma a wajen gishiri ko soda wannan harafin ya isa ya ɓata tukunya. Cokulan cin abinci na gida ba su da tabbas, da yawa daga cikinsu ba sa kai 15. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne murfin awo da ke zuwa da maganin ruwa na yara, mai layin 5 da 10, ko sabon sirinji marar allura daga kemis. A wanke murfin sosai a ajiye shi a madafa. Babban cokali 16 ne ke cika kofi, saboda haka rubu'in kofin sukarinmu babban cokali 4 ne, giram 50, ko sulusin gwangwani.

`stick` ɗaya na bota giram 113 ne, wato rabin kofi ko babban cokali 8. Rabinsa da aka ce mana ya zama giram 55 zuwa 57, babban cokali 4.

## Musayar kaya: tambayi aikin da abu ke yi

A nan ne aikin yake. Kowane abu da ba a samu a kasuwarmu, kada ki fara da neman mai kama da shi a ido. Ki fara da tambayar me yake yi a cikin girkin: tsami yake kawowa, ko maiƙo, ko kumburi, ko ƙamshi kawai? Abin da ƙamshi kawai yake bayarwa ana iya barinsa ko a canza shi yadda aka ga dama. Abin da ke riƙe da tashin kwaɓi ba a taɓa shi sai da lissafi.

Garin masara. `cornmeal` masara ce busasshiya da aka niƙa ba ta yi laushi sosai ba, idan kika murza ta a yatsa za ki ji ɗan tsaki-tsaki. Tana tsakanin garin tuwo da tsakin da ake dambu ko fate da shi. Idan kika rubuta "garin masara" kawai, za a ɗebo garin tuwo, shi kuma ya fi shan ruwa, sai burodin ya fito a cushe da ɗan danƙo. Idan aka sa tsaki zalla, minti 25 ba za su ishe shi nuna ba, za a ji shi yana garas-garas a haƙori. Mafita biyu ce. Ko a kai surfaffiyar masara inji a ce a ɓarza ta da laushi-laushi, a tankaɗe da rariya mai matsakaicin ido, a ɗauki abin da ya sauka. Ko kuma a haɗa kashi biyu na garin tuwo da kashi ɗaya na ƙananan tsaki, a jiƙa su a cikin nonon girkin na minti 20 zuwa 30 kafin a haɗa sauran kaya. Ni na fi son hanya ta biyu, domin kowa na da garin tuwo a gida. Jar masara ta fi ba da launi da ɗanɗanon asali, amma fara ma tana yi, a kudancin Amurka ma da fara da yawa suke yi.

Ki kiyayi abu guda a nan. Farin garin nan mai santsi da ake sayarwa a kwali ko leda da sunan `cornflour`, wanda ake ƙara wa miya kauri da shi, sitacin masara ne. Ba ya shiga wannan girki ko kaɗan. Ki rubuta hakan ƙarara a fassara, domin mai zuwa kanti da sunan masara a bakinta shi za a fara miƙo mata.

Nono. Ƙamus zai iya sa ki rubuta "madarar bota" a wurin `buttermilk`, mai karatu ta narka bota a madara. Asalin abin shi ne ruwan nonon da ya rage bayan an kaɗa an cire mai, wato tsalar da matan Fulani ke sayarwa. Wanda ake sayarwa a kantunan Amurka yanzu madara ce mai ƙarancin maiƙo da aka sa wa ƙwayoyin tsami ta yi kauri. A wannan layin mun fi su samun na asali. Aikinsa a girkin shi ne tsami: tsamin ne ke haɗuwa da soda ya fitar da iskar da ke ɗaga ƙullun, yana kuma sa cikin burodin ya yi laushi.

Sai dai nonon kasuwa ba ɗaya ba ne. Wani an sirka shi da ruwa har ya tsinke, wani ya kwana biyu ya yi tsami mai kaifi. Wanda ake so shi ne mai ɗan kauri da zai lulluɓe bayan cokali, mai tsamin da za a iya sha ba a yamutsa fuska ba. Idan kindirmo ne a hannu, a dama kashi uku nasa da kashi ɗaya na ruwa. Yogot ɗin kanti ma haka, muddin ba mai sukari ba ne. Idan duk babu, a dama madarar gari babban cokali 4 a ruwa har ya kai gwangwani ɗaya da rabi, a matsa ruwan lemon tsami babban cokali 1, a bar shi minti 10. Zai ɗan guntse, haka ake so. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a zuba madara zalla a bar sodar yadda take. Sodar ba za ta sami tsamin da zai cinye ta ba, sai ta bar ɗanɗanon sabulu a baki.

Bekin fauda da soda. Su biyun farin gari ne, a wasu shagunan ma suna ɗaya ake kiransu, amma ba ɗaya ba ne. Soda zalla ce, tana buƙatar tsami daga waje, kuma ta fi bekin fauda ƙarfi kusan sau uku. Bekin fauda soda ce da aka riga aka haɗa da nata busasshen tsamin da ɗan sitaci, ruwa da zafi kawai take jira. A girkinmu rabin ƙaramin cokali na soda shi ne daidai abin da kofin nono ɗaya zai iya cinyewa. Idan ba a sami soda ba, a ƙara bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya da rabi a kan biyun da ke cikin girkin. Burodin zai tashi, sai dai zai fi tsami kaɗan kuma samansa ba zai yi ja sosai ba. Akasin haka kuwa, wato cike gurbin bekin fauda da soda cokali da cokali, ɗaci ne kawai zai biyo baya.

Za a tambaye ki ko kanwa za ta yi, tunda da ruwanta ake kashe tsamin ƙullun masa. Gaskiya ne danginsu ɗaya da soda, amma ƙarfin kanwa ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, ga ƙasa a cikinta, ba yadda za ki rubuta mata awon da zai yi daidai a kowane gida. A masa ana zuba ta kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, a soya ɗaya a gani. A nan kuwa ƙullun gaba ɗaya yake shiga wuta, ba damar gyara. Ban yarda a rubuta ta a madadin soda ba.

Zafi da damshin damina suna kashe waɗannan garin, musamman wanda aka ƙulla a leda. Ki sa wa mai karatu gwajin: a zuba ɗan bekin fauda a ruwan zafi, soda kuma a ɗiga mata lemon tsami. Wanda bai yi kumfa nan take ba ya mutu. Masu fassara daga Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, su lura cewa `levure chimique` ita ce bekin fauda, `levure boulangère` kuma yis ne.

Gishiri. `kosher salt` gishiri ne mai manyan ƙwayoyi marasa nauyi, cokalinsa bai kai cokalin gishirinmu mai laushi nauyi ba, wani irin ma rabinsa ne. Ƙaramin cokali ɗaya nasa sai ya koma rabin cokali zuwa kashi uku cikin huɗu na namu. Ki ɗauki rabi, domin botar da za mu sa ma da gishirinta.

Maiƙo. Abin da muke kira bota a kanti yawanci ba daga nono aka yi shi ba, daga man tsirrai ne, amma a girkin da narkar da ita za a yi tana maye gurbin ta asali cokali da cokali. Man gyaɗa ma yana yi, sai dai a rage: bota kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, sauran ruwa ne da ɗan nono, man gyaɗa kuwa mai ne zalla. Babban cokali 4 na bota ya zama 3 na man gyaɗa. Man shanu ya fi su duka daɗi a nan, shi ma cokali 3 in soyayye ne, amma ki ja kunne: wanda aka soya da albasa don tuwo ƙamshin albasar zai bi burodin.

Layin `bacon drippings` kitsen naman alade ne da ya narke wajen suya. Wannan dole mai fassara ta gane shi, ta cire, ta kuma faɗa a taƙaice cewa ta cire. Haka `lard`, shi ma kitsen alade ne. Aikinsa a nan shafe kwanon gashi ne da sa ƙasan burodin ya soyu, man shanu ko man gyaɗa babban cokali 1 zai yi wannan.

Ƙwai. Babban ƙwan Amurka kimanin giram 50 ne ba ɓawo, ƙwan gidan gona na kiret ya yi daidai da shi. In na kajin gida ne ko na zabi, a sa uku a maimakon biyu. Fulawar kuwa ita ce fulawar da ake fanke da cincin da ita, ba ta buƙatar bayani.

## Wuta da kwano

Ana mayar da °F zuwa °C da wannan lissafi:

```
°C = (°F − 32) × 5 ÷ 9
```

400 a cire 32 saura 368, sau 5 ya zama 1840, a raba 9 ya ba da 204. A rubuta 200. Haka 350 yake komawa 180, 375 kuma 190. Idan obin ɗin mai fanka ne a ciki, a rage digiri 20. Ki tabbata kin rubuta °C a gaban lambar, kada wata ta ga 400 ta murɗa obin har ƙarshe.

Inci ɗaya santimita 2.54 ne, kwanon inci 8 ya zama mai santimita 20 kowane gefe. Zagayayyen kwano mai faɗin santimita 23 yana ɗaukar kusan daidai da shi. Abin lura shi ne zurfin ƙullun, kada ya wuce kamar santimita 3, kuma kada ya haura kashi biyu cikin uku na kwanon. In kwanon ya fi haka ƙanƙanta, ƙullun zai yi zurfi, waje ya ƙone ciki bai nuna ba.

Yawancin masu karanta fassararki ba su da obin, kuma fassarar da ta yi shiru a kan wannan ta bar su a baya. Ki rubuta musu hanyar tukunya. A sami babbar tukunya mai murfin da ke rufuwa ruf, a zuba busasshen yashi mai tsabta kaurin yatsu biyu, a ɗora ƙananan duwatsu uku ko wani ƙarfe da zai ɗaga kwanon daga yashin. A rufe a ɗora a matsakaiciyar wuta minti 15 kafin ƙullu ya shiga. Don a san zafin ya kai, a barbaɗa ɗan fulawa a murfin gwangwani a sa a ciki: idan ta yi ja sosai cikin minti 5 ya yi, idan ta yi baƙi a rage wuta, idan tana nan fara a ƙara jira. Zafin tukunya daga ƙasa yake zuwa, shi ya sa sama kan fito fari. Garwashi kaɗan a kan murfi a minti 10 na ƙarshe yana gyara wannan. Lokacin ma yakan fi na obin tsawo, ya kai minti 30 zuwa 40, saboda haka ki ba da alamar nuna tare da mintuna: a soka tsinke a tsakiya ya fito ba ɗanyen ƙullu, gefen burodin kuma ya ɗan janye daga jikin kwano.

## Fassara matakan aiki

Ki zaɓi murya ɗaya, ko "ki zuba" ko "a zuba", ki tsaya a kanta har ƙarshe. Ki kuma yi amfani da kalmomin da madafa ta sani: tankaɗe, kaɗa, dama, juya, shafa, gasa. Inda Turanci ya ɓoye aiki a cikin jerin kaya, kamar `melted` da ke gaban bota, ki fito da shi ya zama mataki, domin wadda ta kai tsakiyar haɗi kafin ta ga ana son narkakkiyar bota ta makara.

Akwai wurare biyu da fassara kalma da kalma ba ta isa ba, saboda hannun mai girkinmu ya saba da wani abu dabam. Na farko, rubutun asali zai ce a juya har su haɗu kawai. Wadda ta saba buga ƙullun ƙosai har ya yi fari ya tashi za ta ɗauka yawan bugu alheri ne. A fulawa ba haka ba ne: da zarar ta jiƙa, yawan juyi yana tayar da danƙonta, burodin ya yi tauri. Sai ki rubuta a sarari cewa da garin ya ɓace a daina, ko da akwai 'yan gudaji. Na biyu, wadda ta saba da fanke da masa za ta so ta rufe ƙullun ya tashi. Soda kuwa tana fara aiki ne a daidai lokacin da ta taɓa nono, in aka jira iskar ta fice. Shi ya sa kunna wuta yake zuwa tun kafin haɗa ƙullu a fassara, ko da a rubutun asali an ambace shi a ƙarshe.

Ga yadda girkin ya koma:

Burodin masara na Amurka. Ba a sa yis, ba a jira ya tashi. Gwangwani a nan ƙaramin na madarar ruwa ne, duk awo a shafe.

- Garin masara giram 150 (garin tuwo gwangwani 1, ƙananan tsaki rabin gwangwani)
- Fulawa giram 125 (gwangwani 1 da rabi)
- Sukari giram 50 (sulusin gwangwani)
- Bekin fauda ƙaramin cokali 2
- Soda rabin ƙaramin cokali
- Gishiri rabin ƙaramin cokali
- Nono mai tsami mililita 240 (gwangwani 1 da rabi)
- Ƙwai 2 manya, ko ƙanana 3
- Bota babban cokali 4, ko man gyaɗa cokali 3
- Mai babban cokali 1 na shafa kwano

A jiƙa garin masara da tsaki a cikin nono na minti 20. A kunna obin a 200°C ko a ɗora tukunyar yashi, a sa kwanon da mansa a ciki ya yi zafi. A narka bota a bar ta ta huce. A tankaɗe fulawa da bekin fauda da soda da gishiri a haɗa da sukari. A kaɗa ƙwai da bota a zuba a jiƙaƙƙiyar masara. A zuba busassun kayan a kai, a juya har garin ya ɓace, a tsaya. A juye a kwano mai zafi nan take, a gasa minti 20 zuwa 25 a obin, ko 30 zuwa 40 a tukunya. A bar shi minti 10 kafin a yanka.

## Gwaji kafin ki ba kowa

Ki dafa shi daga takardar Hausa, ki ajiye ta Turanci nesa. In da hali, ki ba wata ta dafa kina kallo ba ki ce komai ba. Duk inda ta tsaya ta tambaye ki, wannan layin yana buƙatar gyara.

Abin da ya fito zai nuna miki inda matsalar take. Idan ƙullun ya yi tauri har ba ya zubowa daga cokali, garin tuwon ya sha nonon da yawa, a ƙara nono babban cokali 2 zuwa 3, a kuma rubuta hakan a fassara. Idan ya tsinke, nonon sirkakke ne, a rage shi a gaba ko a koma kindirmo. Ɗanɗanon sabulu da launin da ya yi duhu fiye da kima suna nufin soda ta yi yawa ko nonon ba shi da tsami. Burodin da bai tashi ba, ko bekin faudar ta mutu, ko ƙullun ya jira wuta. Wanda ya tashi ya faɗa a tsakiya, an buɗe murfi da wuri ko an sauke bai nuna ba, saboda haka kada a buɗe kafin minti 15 na farko su wuce. Ƙasa ta ƙone sama fari, kwanon ya zauna a kan yashi kai tsaye ko wutar ƙasa ta yi yawa.

Duk lokacin da za ki sake gwadawa, abu ɗaya kawai za ki canza, in ba haka ba ba za ki san wanne ya gyara ba. Idan ya fito yadda ake so, ki ƙara layuka uku a ƙasan girkin: ƙasar da ya fito, abubuwan da kika musanya da sunayensu na asali yadda ake rubuta su a jikin kwali, da irin wutar da kika gwada shi a kai. Mai karatu da ke zaune inda ake samun kayan asali za ta iya komawa gare su, wadda kuma nononta ko garinta ya bambanta da naki za ta san layin da za ta taɓa.